Jimlar labari ta koma kamar waƙa idan an karanta: yaya ake gyara ta?

*Malam, ina rubuta labarai a wani gidan rediyo, ban daɗe da farawa ba. Na rubuta wannan jimla: "Kwamishinar lafiya ta jihar ta ce ta ba da umarnin a gudanar da bincike domin tabbatar da cewa an samar da magunguna, ganin yadda cutar ke yaɗuwa, masu kamuwa na ƙaruwa, magani kuma na raguwa." A takarda ban ga laifinta ba, amma da mai karatu ya karanta sai ya yi tuntuɓe a farko, ƙarshen kuma ya fita kamar baitin waƙa. Na sauya kalmomi, abin bai gyaru ba. Ina gyaran yake?*

Ƙanwata, sauya kalma bai yi miki aiki ba ne domin ciwon ba a kalmomin yake ba, a ginin jimlar yake. Idan kika cire "yaɗuwa" kika sa "bazuwa", kin cire kalma kin mayar da 'yar'uwarta mai kama da ita sak. A Hausa yawancin amsa-amon da ke faɗo wa marubuci ba da niyya ba nahawu ne ke haifar da shi: kalmomi masu aiki iri ɗaya suna da ƙira iri ɗaya, idan kuma aka jera su a gurbi iri ɗaya dole su amsa wa juna. Saboda haka gyaran na gaskiya shi ne a sauya wa kalmar aikinta ko gurbinta.

Bari mu fara da ƙarshen jimlar, tunda shi ya fi damun kunne. Dubi waɗannan huɗun: yaɗuwa, kamuwa, ƙaruwa, raguwa. Ba "wa" ɗin ƙarshe kaɗai ya haɗa su ba. Kowace gaɓa uku ce. Kowace karin sautinta ƙasa, sama, sama. Uku daga ciki, yaɗuwa da kamuwa da ƙaruwa, har tsawon wasalinsu na farko ɗaya ne, doguwar "a" ce. Faɗe su da baki a rufe, ki fitar da sautin ta hanci kawai ba tare da furta baƙaƙen ba, za ki ji ba ki iya bambance su. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa ido ya wuce su salin-alin amma kunne ya kama su nan take.

Sannan ki lura da inda suka faɗa. Uku daga cikinsu suna daidai wurin da mai karatu zai tsaya ya ja numfashi, wato kafin waƙafi da kafin aya. Wannan gurbin shi ne gurbin ƙafiya. Kunnen Bahaushe ya saba da rubutacciyar waƙa wadda kowane baiti ke ƙarewa da gaɓa ɗaya, kamar "wa" ko "ya", tun daga farko har ƙarshe. Da zarar ya ji gaɓa ɗaya ta dawo sau biyu a bakin tsayawa, sai ya fara jiran ta uku, ya daina sauraren labarin. Ga shi kuma sassan uku na ƙarshe tsawonsu ya yi kusa da juna, wanda hakan ya ƙara musu kamannin ɗango. A labarin cuta da ƙarancin magani wannan ba ƙaramar illa ba ce, domin mai saurare da ɗansa ke kwance zai ji kamar ana rera masa abin da ke ci masa rai.

Akwai tarkon da kusan kowa ke faɗawa a nan. Mutum ya gane "wa" ce matsalar, sai ya yanke ta: "cutar ta yaɗu, masu ciwon sun ƙaru, magani ya ragu." Karanta ki ji. Amsa-amon yana nan daram, ya koma "u" ne kawai, karin sautin ma bai sauya ba, ƙasa da sama a duka ukun. Bayan haka an taɓa ma'ana. "Na ƙaruwa" abu ne da ke gudana har yanzu, "sun ƙaru" abu ne da ya riga ya auku. A aikin labarai wannan bambanci yana da nauyi, kuma ba a sayar da shi don daɗin kunne.

Abin da zan yi da wannan sashe abu uku ne, kuma kowane da dalilinsa.

Na farko, in tambayi kaina ko dukansu ana bukatarsu. "Cutar na yaɗuwa" da "masu kamuwa na ƙaruwa" magana ɗaya ce aka faɗa sau biyu. Sau da yawa idan kika ji amsa-amo ya jeru har uku, to ɗaya daga ciki kunne ne ya jawo shi don ya cika kiɗan, ba labarin ne ya nema ba. Sai in jefar da "yaɗuwa", in riƙe masu kamuwa, domin su ne mutanen da ake magana a kansu.

Na biyu, in sauya wa "ƙaruwa" ƙira ba tare da na taɓa lokacin aikin ba. "Na ƙara yawa" yana nuna abin yana ci gaba, kamar yadda "na ƙaruwa" ke nunawa. Gaskiya ne "yawa" ma da "wa" ta ƙare, amma gaɓa biyu ce, karinta sama da ƙasa, kuma zan sa wani abu a bayanta don kada ta zauna a bakin waƙafi: "na ƙara yawa a jihar".

Na uku, "raguwa" ba sai na kore ta ba. Kalma ce mai kyau, ita ta fi dacewa da ma'anar. "Ƙarewa" ta zarce abin da aka faɗa, "ƙaranci" kuma hali ne, ba ya nuna ana ta raguwa. Abin da zan yi shi ne in ɗauke ta daga ƙarshe in tura ta ciki: "magani kuma sai raguwa yake yi." Hausa ta ba mu wannan gini a kyauta, kuma haka mutane ke magana a zaure. Wannan dabara ta ɗauke kalma daga bakin numfashi ita ce wadda za ki fi yawan amfani da ita a rayuwar aikinki, domin ba ta cin ma'ana ko kaɗan.

Yanzu mu koma tsakiya. Ƙirga kalmomin da kanki: "ba da umarnin a gudanar da bincike domin tabbatar da cewa an samar da magunguna". "Da" ta zo sau huɗu, kuma abin mamaki, kowace kalma ta huɗu ce take dawowa. Uku daga ciki suna manne da aikatau mai ƙarewa da "ar": gudanar da, tabbatar da, samar da. Irin waɗannan aikatau duk gaɓoɓinsu a sama suke, sai "da" ta sauko ƙasa. Sama, sama, sama, ƙasa, sannan a sake. Kamar bugun ganga ne da ba ya sauya zango, kuma shi ne ke sa labarai da yawa su riƙa fita da murya ɗaya ko da batunsu daban ne. Hausar ofis da Hausar fassara sun cika da wannan dangi: ƙaddamar da, aiwatar da, sanar da, gabatar da, wayar da, bayar da. Ba laifi ba ne a yi amfani da su. Ɗaya a jimla ba ya damun kowa, biyu ana haƙuri, uku kuwa kowa zai ji.

Maganinsu yana da sauƙi, domin kusan kowane yana da gajeren ɗan'uwa a Hausar yau da kullum. "A gudanar da bincike" ba ta fi "a yi bincike" komai ba sai tsawo. "Domin tabbatar da cewa" kuwa sai an tsaya a kanta, saboda tana ɗauke da ma'ana biyu. Ko dai kwamishinar na so a gano ko an kawo maganin ne, ko kuwa tana so a sa a kawo shi. Idan na farko ne, "don a gano ko". Idan na biyu ne, "don kada a rasa magani". Jimlarki ba ta raba gardama ba, don haka sai kin koma ga takardar sanarwar ko muryar da aka naɗo kin ji abin da ta faɗa. Tunda bincike aka ce, zan ɗauka na farkon ne. Kin ga a nan bin sawun amo ya tono rauni a ma'ana, kuma hakan na yawan faruwa: inda harshe ya yi tuntuɓe, sau tari tunanin ma bai zauna ba. "Samar da" zan bar ta, domin yanzu ita kaɗai ta rage a danginta.

Sai farkon jimlar, inda mai karatu ya yi tuntuɓe: "lafiya ta jihar ta ce ta ba da". "Ta" sau uku, kowace bayan kalma ɗaya. A takarda harafi biyu ne iri ɗaya, a baki kuwa ba abu ɗaya ba ne. Ta farko gajera ce, ta mallaka. Ta biyu doguwa ce, tana nuna aikin da ya wuce. Ta uku kuma tana iya zama doguwa mai karin sama, ma'ana ita kwamishinar ta riga ta ba da umarni, ko ta zama gajera mai karin ƙasa, ma'ana ta ce wata ta ba da umarni. Mai karatu yana da ƙiftawar ido ne kawai ya zaɓa. Ƙari a kan haka, idonsa na iya haɗe "jihar" da "ta" ya karanta "jiharta", sai ya iske "ce" a gabansa ba tare da mai faɗa ba, dole ya dawo baya. Ina kyautata zaton nan ne ya yi tuntuɓen. Ba laifinsa ba ne.

Wani zai ce a rubuta "kwamishinar lafiyar jihar". An rage "ta" ɗaya, amma an samu "ar" uku a jere, an gudu daga wani maimaici an faɗa wani. Abin da ya fi shi ne a raba "jihar" da muƙamin gaba ɗaya, a kai ta inda ake bukatarta. Ai mun riga mun samar mata gurbi a "na ƙara yawa a jihar", inda take yin aiki biyu: tana faɗin wuri, tana kuma kare "yawa" daga bakin waƙafi. "Ta ce" kuwa ba za a taɓa ta ba. Idan kika cire ta don rage "ta", kin mayar da maganar kwamishina ta zama maganar gidan rediyonku, alhali ba ku ga takardar umarnin da idonku ba.

Ga yadda za ta fita:

"Kwamishinar lafiya ta ce masu kamuwa da cutar na ƙara yawa a jihar, magani kuma sai raguwa yake yi. A cewarta, shi ya sa ta ba da umarnin a yi bincike, don a gano ko an samar da magungunan."

Taki kalma 35 ce a jimla ɗaya. Wannan 39 ce, amma jimla biyu, 19 da 20. Ta fi tsawo da kalma huɗu, duk da haka za a fi saurin karanta ta, domin ba inda za a dawo baya. Dubi kalmomin da suka zauna a wuraren tsayawa: jihar, yi, cewarta, bincike, magungunan. Ba biyu da suka ƙare da gaɓa ɗaya. "Wa" tana nan har sau uku a jimlar farko, a kamuwa da yawa da raguwa, amma duk a tsakiyar zance suke, kunne ba ya ƙirga su. "Ya sa ta ba da" kuma ko ta yaya aka ja "ta" ɗin, ma'anar ba ta kaucewa. Na kuma sa dalili a gaba, umarni a baya, domin mai saurare ba ya iya komawa baya kamar mai karanta jarida.

Wannan da na yi yanzu, na jero kalmomin bakin numfashi, shi ne gwajin da nake so ki mayar al'ada. Ki karanta rubutun da murya, da saurin da za a karanta shi a iska, ba cikin zuci ba, domin karatun zuci yana tsallake amo. Duk inda kika tsaya ki ja ɗan layi da biro. Sannan ki karanta kalmomin da ke gaban layukan kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. Idan biyu a jere sun amsa wa juna, ki duba. Idan uku ne, ki gyara. Kalmomin Hausa mafi yawansu da wasali suke ƙarewa, wasulan kuma biyar ne, ban da "ai" da "au", don haka ba zai yiwu ki hana "a" haɗuwa da "a" ba, kuma kada ki wahalar da kanki a kan haka. Abin da kunne ke kamawa shi ne gaɓa sukutum, baƙi da wasalinsa, musamman idan karin sauti da yawan gaɓoɓi sun zo ɗaya.

Bayan masu "uwa" da masu "ar da", akwai dangi biyu da za ki riƙa cin karo da su a jerin abubuwa. Ɗaya jam'i ne. Malamai, ɗalibai, littattafai duk suna tafiya a ƙasa su haura sama a gaɓar ƙarshe. Hanyoyi, motoci, asibitoci, hukumomi duk a sama suke daga farko har ƙarshe. Ɗayan kuma sunaye masu "ci": talauci, jahilci, zalunci, adalci, mutunci. A nan ƙaramin ɗafi yana wadatarwa. "Malamai da ɗalibai" ta zama "malamai da ɗalibansu". "Talauci da jahilci da zalunci" ta zama "talauci da rashin ilimi da zalunci", sai dai ki sani "jahilci" ta fi "rashin ilimi" zafi, idan mai maganar zafin yake nufi, ki bar masa kalmarsa. Wani lokaci sauya jeri kaɗai ya isa, a sa mai ƙira daban a tsakiya ko a ƙarshe. "Da" ɗin da ke haɗa jeri kuwa, kamar "da gero da dawa da masara", nahawu ne, kunne ya san aikinta, ba ta damunsa.

Maimaicin baƙi a farkon kalma wani ciwo ne daban, shi harshen mai karatu yake kamawa kafin ya kai ga kunnen mai saurare. Kin san karya-harshen nan na yara na ƙato da kwaɗo da ƙoto. Marubucin labari yakan ƙirƙiro irinsa bai sani ba: "Shugaban sashen shari'a ya shaida cewa shaidu shida sun bayyana." "Sh" shida, ga "s" a tsakani, kuma makirfo yana ƙara wa waɗannan sautuka kaifi. Muƙamin ba naki ba ne, ba ki da ikon sauya shi, don haka sai ki sassauta abin da ke bayansa: "Shugaban sashen shari'a ya ce mutum shida ne suka zo ba da shaida." Haka "ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta ƙi ƙarin kuɗin", inda "ƙ" biyar suka jeru sannan "k" ta biyo, harshe ya rasa wadda zai fara saki. "Ba ta amince da ƙarin kuɗin ba" ta buɗe tazara tsakaninsu. Kada ki ce "ta yi watsi da" sai in har watsin ta yi, domin ta fi "ƙi" ƙarfi. Haɗuwar da ta fi kayar da mutane ita ce ta sautuka masu kusanci amma ba ɗaya ba, k da ƙ, s da sh da ts, d da ɗ, fiye da maimaita sauti ɗaya tak.

Ki kuma yi la'akari da bakin da zai karanta. Abin da muke rubutawa "tabbatar da" mutane da yawa "tabbatad da" suke furtawa, kuma a karin harshen yamma, wajen Sakkwato da maƙwabtanta, "r" ɗin mallaka takan rikiɗe ta zama baƙin da ke biye da ita, "rigar sarki" ta fita "rigas sarki". Jimlar da ta zauna lafiya a bakinki tana iya tara baƙaƙe masu nauyi a bakin wani. Idan da hali, wanda zai karanta a iska shi ya kamata ya yi gwajin, kuma karatunsa na farko ne abin lura, kafin ya haddace inda ramin yake.

Akwai wuraren da ba a taɓawa ko da amo ya yi yawa. Maganar da kika ɗauko daga bakin mutum kai tsaye, sunan mutum, sunan hukuma, adadi, fassarar aya ko hadisi da aka amince da ita, duk waɗannan sai dai ki gyara abin da ke kewaye da su. Ninki irin na "sannu-sannu" da "tafiye-tafiye" ginin kalma ne. Karin magana kuma da amonta take rayuwa: "rigakafi ya fi magani" tana da "fi" biyu kusa da juna da "i" a ƙarshen kalma uku, kuma hakan na cikin abin da ya sa take zama a kai. Da saƙon wayar da kai kike rubutawa a kan wannan cutar, ko talla, da sai in ce ki nemi irin wannan amon da gangan. Haka kuma kada gudun maimaici ya sa ki kira abu ɗaya da suna uku a labari ɗaya, cuta a nan, annoba a can, ciwo a gaba. Mai saurare zai ɗauka abubuwa uku ne, kuma "annoba" hukunci ne da hukumomin lafiya ke yankewa, ba marubuci ba. Shi ya sa a gyaran da na yi na bar "magani" da "magungunan" suka biyo juna, ban nemo musu wata kalma ba.